Lambar da ke Gindin Gora

Duk wanda ya kifa gorar ruwa ko ta lemo ya duba gindinta da kyau zai ga wata 'yar alama mai kusurwa uku da lamba a tsakiyarta, daga 1 zuwa 7. Wani lokaci sai an karkata gorar ga haske kafin ta fito, domin tare da robar aka zuba ta. Ƙungiyar masana'antun roba ta Amurka ce ta ɓullo da tsarin a 1988, don masu tsince shara su riƙa ware robobi kafin a narka su. Mutane da dama sun ɗauka lambar tana faɗin sau nawa za a sake amfani da gora. Ba haka ba ne. Nau'in robar kawai take bayyanawa.

Wadda aka fi cin karo da ita ita ce 1, mai haruffan PET ko PETE a ƙasanta. Ita ce gorar ruwa da ta lemo, wadda ake wankewa a ɗura zoɓo ko kunun aya. Da abu mai sanyi ba ta da matsala, amma zafi ne maƙiyinta: da ya kai kusan digiri 70 sai ta fara laushi. Shi ya sa idan mai sana'a ta ɗura kunu da zafinsa, gorar ke motsewa, wuyanta ya karkace, murfin ya ƙi zama daidai. Gorar da ta yi haka, ko ta dushe, ko ta karce daga ciki, ta gama aiki, domin datti na maƙalewa a karcen inda wanki ba ya kaiwa.

Mai son mazubin abinci mai zafi, 5 zai nema, wato PP. Sai zafi ya kai wajen digiri 160 take narkewa, don haka tafasasshen ruwa ba ya lanƙwasa ta. Lamba 2, HDPE, ita ce ta jarkar mai da ta ruwa, mai kauri da jure faɗuwa. 3 ta bututun ruwa ce, 4 ta leda mai laushi, 6 ta farar robar nan mai kumfa da ake zuba abincin tafi-da-gidanka, 7 kuwa tarkacen sauran ne.

Abin lura shi ne, lambar gindi ba ta shafi murfi ba. Gora tana iya zama 1, murfinta 2 ko 5. A wurin sarrafa su, bayan an niƙa a ruwa ake zubawa: ɓarɓashin gorar ya nutse, na murfin ya taso.

Lambar kuma ba ta san abin da aka taɓa zubawa ba. Jarka mai lamba 2 da ta taɓa ɗaukar maganin feshi, kada a zuba mata ruwan sha ko man girki, komai wankin da ta sha.