Layin harajin VAT: yadda ake gyara shi mai saye ya gane

A ɗauki wani mai gidan buga takardu a Kaduna da ya buga wa wata 'yar kasuwa kwalayen zuba turare, aka yi ciniki a kan naira 200,000. Da yamma ya tura mata saƙo a waya: "Hajiya, kuɗin aikinki da VAT ₦215,000." Abin da Hajiya za ta fara gani shi ne an ƙara mata dubu goma sha biyar bayan an gama magana, kuma saƙon bai faɗa mata daga ina suka fito ba, balle aljihun da za su shiga. Lissafinsa daidai ne. Rubutun ne ya gaza.

An fara karɓar wannan haraji a Najeriya a 1994 a kan kashi 5 cikin ɗari, aka ɗaga shi zuwa kashi 7.5 daga 1 ga Fabrairu 2020. Mai saye ne ke biya, mai sayarwa kuma ɗan aike ne kawai: ya karɓa ya miƙa wa hukumar tara haraji ta tarayya. Yawancin saƙonni ba sa nuna wannan, shi ya sa mai saye ke ɗaukar kuɗin a matsayin ƙarin riba da aka saka wa sunan Turanci.

Gyaran shi ne a raba adadin nan guda ɗaya zuwa layi uku, a bi su da jimla ɗaya ta bayani:

Kuɗin buga kwalaye: ₦200,000
Harajin VAT, 7.5% na ₦200,000: ₦15,000
Jimillar abin biya: ₦215,000
Hajiya, wannan ₦15,000 harajin gwamnatin tarayya ne, mu karɓa muke yi mu miƙa. Ga lambar harajinmu ta TIN a ƙasa.

Layi na biyu ne ke ɗauke da nauyin. Ya faɗi kaso, ya faɗi kuɗin da aka ɗora kason a kansa, ya faɗi abin da ya fito da naira, ta yadda Hajiya za ta iya danna wayarta ta tabbatar da kanta. Lambar TIN kuwa tana nuna cewa gidan bugun yana da rajista da hukuma. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin tun a dokar kuɗi ta 2019 aka ɗauke wa ƙananan 'yan kasuwa nauyin karɓar harajin, a lokacin masu cinikin ƙasa da naira miliyan 25 a shekara. Mai saye yana da haƙƙin tambayar dalili idan ya ga VAT a rasit ɗin da babu lamba.

Inda aka fi tuntuɓe shi ne lokacin da farashin da aka faɗa tun farko ya haɗa da harajin. A ce an sallama aikin a ₦215,000 gaba ɗaya, sai Hajiya ta nemi a ware mata harajin domin littafinta. Yaron ofis yakan ɗauki kashi 7.5 na ₦215,000 ya rubuta ₦16,125, alhali harajin a kan asalin kuɗin aiki yake hawa, ba a kan jimilla ba. Hanyar ita ce a raba jimillar da 1.075, a sami ₦200,000, abin da ya rage shi ne harajin, ₦15,000. Gane kuskuren ba wuya: a ninka kuɗin aikin da aka rubuta da 0.075, idan bai ba da adadin layin haraji ba, an yi tuntuɓe. A irin wannan saƙo ya kamata a rubuta ƙarara cewa "farashin ya haɗa da VAT", don kada a zaci za a sake ƙarawa.

Ragi ma yana da wurinsa. Idan an yi wa Hajiya ragin ₦20,000, a fara cire shi, harajin ya hau kan ₦180,000, ya zama ₦13,500.

Sai kantunan da ke sayar da kaya a gauraye. Kayan abinci na yau da kullum irin su shinkafa, da magunguna, da littattafan karatu, mai saye ba ya biya musu wannan haraji. Idan rasit ya ƙunshi buhun shinkafa na ₦80,000 da katan ɗin sabulu na ₦20,000, harajin na sabulun ne kaɗai, wato ₦1,500. Wanda ya ɗora shi a kan ₦100,000 ya karɓi ₦7,500, ya ci wa mai saye ₦6,000 ba bisa ƙa'ida ba. A nan layin sai ya ambaci kayan da sunansa: "Harajin VAT, 7.5% na kuɗin sabulu ₦20,000: ₦1,500", a gaban shinkafa kuma a rubuta "babu VAT".