Busasshen Fulam, Ɓaure da Tsamiya: Nawa Ke Sassauta Ciki?

Idan bayan gida ya yi tauri, ba lallai sai an nemi kantin magani ba. Busasshen fulam, wanda ake sayarwa da sunan furun, yana ɗauke da harza da wani sukari mai suna sobitol. Hanji ba ya tsotse sobitol duka, don haka yana jawo ruwa cikin hanji, bayan gida ya yi laushi. Ɓaure kuwa ƙarfinsa a harzarsa yake, tsamiya kuma aikinta mai sauƙi ne.

Ga misali. Magidanci ya kwana uku bai zaga ba. Ya fara da fulam 3 ko busasshen ɓaure 2 da aka jiƙa tun dare, ya bi da kofin ruwa. Bayan kwana 3, in babu sauyi, ya kai fulam 5 ko 6, kimanin giram 50, rabi da safe rabi da yamma.

To, ina kumburin ciki ke fitowa? Abin da hanji bai tsotse ba yana gangarawa babban hanji, ƙwayoyin bakteriya su ruɓar da shi, iska ta taru. Wanda ya cinye goma a zama ɗaya zai ji ƙugi, tusa, ko zawo. Alama ce ta a rage.

Mai ciwon sukari ya kula, domin busassun 'ya'yan itace suna da zaƙi sosai. Wanda ya ga jini a bayan gida, ko amai da murɗar ciki mai tsanani, ya garzaya asibiti.