Daga Tiyar Gyaɗa Zuwa Kwalbar Mai

Gidan da ake yin ƙuli-ƙuli ba ya ɓuya a unguwa. Tun kafin rana ta yi zafi ƙamshin soyayyar gyaɗa ya cika lungu, zuwa la'asar kuma yara sun fara sallama da kwalabe a hannu, kowa da saƙon uwarsa. A Kano, Katsina, Zariya, Maraɗi da Damagaram, mata da yawa da wannan sana'a suke riƙe da kansu daga cikin ɗaki. Dalar gyaɗa ta Kano ta daɗe da zama labari, tun bayan farin farkon shekarun 1970 da annobar da ta lalata gonakin gyaɗa a 1975, amma turmin matsar mai bai taɓa tsayawa ba.

Wanda ya ga aikin daga nesa zai ɗauka ƙarfi ne kawai. Ƙarfin yana nan, kafaɗu sun shaida. Sai dai abin da ke raba mai riba da mai asara yawanci wurare uku ne: irin gyaɗar da aka sayo, yadda aka soya ta, da yawan ruwan da aka zuba mata a lokacin matsa.

A ɗauki matar da ke aikin tiya goma a rana ɗaya, wato kusan kilo 25 na ɓararriyar gyaɗa. Ko daga Dawanau aka sayo mata, ko daga kasuwar ƙauye, abu na farko da za ta yi shi ne ta ɗebi 'yan ƙwayoyi ta murza a tafin hannu, ta tauna ɗaya. Busasshiyar gyaɗa tana ƙaras a haƙori, jan ɓawonta yana sakin jiki da sauƙi. Wadda ba ta gama bushewa ba tana da taushi, kuma nauyin ruwa ne za a saya da kuɗin gyaɗa. Masu mai sun fi son ƙananan ƙwayoyi irin 'yar Dakar, domin sun san ta da mai. Akwai kuma ingantattun iri da ake kira SAMNUT, waɗanda Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Zariya ta fitar, kuma manoma da dama sun karɓe su.

Daga nan sai tsinta. A shimfiɗa tabarma, a baza gyaɗar, a fitar da tsakuwa da ƙasa, sannan a ware duk ƙwayar da ta yanƙwane, ta yi baƙi, ta huje ko ta yi funfuna. A nan ne ake yawan yin ganganci, kuma gangancin yana da tsada fiye da yadda ake zato. Funfunar da ke kama gyaɗar da aka adana da danshi tana haifar da wata guba da masana ke kira afulatoksin, wadda ke lalata hanta sannu a hankali, har ta kai ga sankarar hanta, ana kuma danganta ta da tsumburewar yara. Suya ba ta kashe ta. Abin da ya fi tayar da hankali shi ne, idan aka matse mai, yawancin gubar a cikin tunkuza take zama, wato a cikin ƙulin da yara suka fi kowa ci. Wasu 'yan kasuwa suna sayar da tsintar gyaɗa da araha ga masu ƙuli, da tunanin ai niƙa za a yi, ba mai gani. Wannan araha ba ta da albarka. Ƙwayar da mace ba za ta ba ɗanta ya tauna ba, bai kamata ta shiga injin niƙa ba.

Suya ita ce jarrabawa ta biyu. Ana ɗora babban kasko ko rabin duro a kan murhu, wasu su zuba tsabtataccen rairayi domin zafin ya ratsa ko'ina daidai, a riƙa juyawa ba ƙaƙƙautawa. Tiya goma ba a soya ta lokaci ɗaya. Kashi-kashi ake yi, domin idan ta yi yawa a kasko ta ƙasa za ta ƙone ta sama tana ɗanya. Gwanar suya ba ta duba agogo. Takan ɗauko ƙwaya ta murza, in ɓawon ya fita fes, cikin ya yi launin ƙasa-ƙasa mai haske, ta sauke. Idan suyar ba ta kai ba, man zai yi rowa, ya kuma fito da gafi. Idan ta wuce, man zai yi duhu da ƙauri, ƙulin ya yi ɗaci, kuma ba wani yaji da zai rufe wannan ɗacin.

Bayan ta huce sai a murje ta, a bakace a faifai ɓawon ya tashi, a kai inji. Niƙan ma da nasa ƙa'ida: ana son ya fito lilis, yana malala da ɗumi kamar kunu mai kauri. Mai injin da haƙoransa suka cinye zai ba da niƙa mai tsaki-tsaki, kuma duk ɓarɓashin da bai niƙu ba ya tafi da mansa a ciki. Shi ya sa masu sana'ar sukan manne wa mai inji guda, su kuma hana a zuba musu gyaɗa bayan niƙan barkono ko kayan miya sai an wanke.

To, a nan ne ainihin gwanintar take. Ana juye niƙan a babban turmi ko baho, mace ta kama muciya ta fara juyawa, wata kuma tana tsiyaya mata ruwan zafi kaɗan-kaɗan, ludayi bayan ludayi. Da farko ba abin da ke faruwa sai dai kwaɓin ya ƙara nauyi, muciya ta fara gardama. A ci gaba. Can sai launinsa ya ɗan sauya, ya fara dunƙulewa yana barin jikin turmi, samansa ya ɗauki sheƙi, sannan a ga mai yana tsattsafowa ta gefe yana taruwa a duk inda muciya ta bar rami. Wanda bai taɓa gani ba yakan yi mamakin yadda ruwa ke fitar da mai, amma dalilin a bayyane yake. Kusan rabin nauyin ƙwayar gyaɗa mai ne, yana ɓoye a cikin 'yan ƙananan ɗakuna da ido ba ya gani. Suya da niƙa sun fasa ɗakunan. Garin gyaɗar kuwa ya fi son ruwa a kan mai, don haka da ya sha ruwan zafi sai ya kumbura, ya manne da juna, ya saki man da yake riƙe da shi. Zafin yana sa man ya tsinke ya gudana da sauri, shi ya sa ruwan sanyi ba ya aikin yadda ya kamata, musamman a lokacin hunturu.

Kuskuren da sabuwar hannu ta fi yi shi ne gaggawa. Ta ga mai bai fito ba, sai ta kwarara ruwa da yawa. Nan take kwaɓin ya saki ya zama talge, ya shanye man da ya fara fitowa, kuma ko a kwana ana juyawa ba zai sake shi ba. Maganin da aka sani shi ne a ƙara sabon niƙan da bai ga ruwa ba, shi ya sa masu hankali sukan ajiye kwano guda a gefe kafin su fara. Zuba ruwa abu ne mai sauƙi, kwashe shi kuma ba ya yiwuwa.

Idan mai ya taru sai a kwashe, a ɗebi dunƙulen a matse shi da hannu a kan tire ko dutse da aka ɗan karkatar, man yana gangarawa cikin kwano. Wasu yanzu suna da ƙaramin injin matsa na hannu mai murɗawa, wasu unguwannin ma akwai injin juyawa da ake biya, kuma duka biyun suna rage wahala. Abin da ya rage bayan matsa shi ne tunkuza. A sa mata gishiri, da citta da barkono in ana so, ko sukari ga masu son na zaƙi, a mulmula ta dunƙule-dunƙule, ko sanda-sanda, ko zobe, ko a faɗaɗa ta siriri, kowane gari da irin nasa.

Ana soya ƙulin ne a cikin man da aka matse, kuma wannan suyar tsuntsu biyu take jifa da dutse ɗaya. Tunkuza tana ƙara sakin sauran manta a kasko, har mai suya ta riƙa rage man da ludayi. Shi kuma man yana rabuwa da ruwan da ya shige shi a wajen matsa. Ɗanyen man da aka ɗura kai tsaye yakan yi kumfa a tukunyar mai saye, ya kuma yi wari cikin ɗan lokaci. Wuta matsakaiciya ake so: in ta yi ƙarfi bayan ƙulin zai yi baƙi cikinsa da danshi, kwana kaɗan ya yi funfuna a leda. Man kuwa a bar shi ya huce, gari ya kwanta a ƙasa, a tace da tsabtataccen ƙyalle, a zuba a busasshiyar kwalba. Ɗigon ruwan wanki da ya rage a gindin kwalba ya isa ya ɓata aikin yini.

Daga kilo 25 ɗin nan, man da ke cikin ƙwayar ya kai kilo 11 zuwa 12, amma hannu ba ya fitar da shi duka. Aiki mai kyau yakan ba da wajen lita 7 ko 8, sauran ya zauna a ƙuli, shi ne ma yake ba shi garɗi. Lissafin masu sana'ar kusan iri ɗaya ne ko'ina: kuɗin mai yakan biya kuɗin gyaɗa ko ya kusa, ribar kuwa a ƙuli take. Matsalar ita ce da yawa suna tsayawa a nan, ba sa cire kuɗin itace, niƙa, leda, kwalba, motar kasuwa da ladan mai taya juyi. Sai mace ta yi wata tana ganin kuɗi na shigowa, ranar sayen gyaɗa kuma ta ga tiya takwas kawai jarinta ke iya ɗauka.

Masu saye iri biyu ne, kowa da halinsa. Maƙwabta suna sayen ludayi ko rabin kwalba, farashinsu ya fi kyau, amma su ne masu cewa a rubuta sai maigida ya dawo. 'Yan sari suna ɗaukar galan ko jarka a tashi ɗaya, suna rage farashi, wani lokaci su ce sai ranar kasuwa ta gaba za su biya. Tsakanin waɗannan akwai mahauta masu tsire da kilishi, waɗanda ke buƙatar garin ƙuli da tunkuza kullum don haɗa yaji, da masu kwaɗon zogale da rama. Wadda ta samu mahauci biyu da ke ɗauka a kai a kai ta huta da neman kasuwar ƙuli.

Man jarka na kamfani ya fi araha a lokuta da dama, kuma akwai masu surka shi da man gyaɗa su sayar da sunan na gida. Masu saye sun koyi buɗe kwalba su shinshina, ko su ɗiga a bayan hannu su murza. Farashin gyaɗa kuma yana faɗuwa da kaka, daga Oktoba zuwa Disamba, ya hau sama idan damina ta kama da manoma suka fara neman iri. Shi ya sa mata da yawa suke daidaita kwasar adashinsu ta faɗo a kan kaka, su sayi buhu biyu ko uku, su jera a kan katako nesa da bango da danshin ƙasa, suna ɗiba tiya-tiya har zuwa bazara.