Tsanin Rukuni da Tubalansa Marasa Rabuwa

A ilimin lissafi, rukuni tarin ayyuka ne da ake iya yin ɗaya bayan ɗaya, sakamakon ya kasance cikin tarin. Akwai aiki guda da ba ya canza komai, kuma kowane aiki yana da wanda ke warware shi. Idan mambobin suna ƙirguwa har a kai ƙarshe, ana ce masa rukuni mai iyaka. Fuskar agogo misali ce: awoyi 12, daga 0 zuwa 11, ana tara su ana zagayowa, ta yadda 9 da 5 ke ba da 2.

Cikin wannan rukuni akwai ƙanana. Lambobin cika, wato 0, 2, 4, 6, 8 da 10, rukuni ne mai zaman kansa, domin duk biyun da aka tara ba sa fita daga cikinsu. Idan aka dunƙule waɗannan shida aka ɗauke su abu guda, sauran shidan ma abu guda, agogon ya koma mai matsayi biyu kacal, cika da mara. Wannan shi ne rukunin rabo. Daga shidan ana iya sauka zuwa 0 da 6, inda rabon ke da mambobi 3, sannan a sauka zuwa 0 kaɗai, da rabo mai mambobi 2. An sami tsani ke nan: 12, 6, 2, 1, kuma rabon matakansa 2, 3, 2.

Sharaɗin tsanin shi ne kada a bar gurbin da za a iya cusa wani mataki. Da an yi tsalle daga 12 zuwa 0, 4, 8, rabon zai zama mai mambobi 4, alhali lambobin cika suna nan a tsakani, don haka tsanin bai cika ba. Idan babu sauran gurbi ko'ina, kowane rabo ya zama rukuni marar rabuwa, wanda ba a iya dunƙule shi ya ƙara ƙanƙancewa sai dai ya koma mamba ɗaya. Su ne tubalan rukunin.

Akwai wata hanyar sauka daga agogon: a fara da 0, 3, 6, 9, sannan 0 da 6, sannan 0. Rabon wannan karon 3, 2, 2 ne. Jerin ya sauya, tubalan suna nan yadda suke. Camille Jordan, ɗan ƙasar Faransa, ya nuna a 1869 cewa girman tubalan ba ya sauyawa ko ta wane tsani aka bi, Otto Hölder na Jamus kuma ya ƙarasa aikin a 1889 da nuna cewa tubalan kansu iri ɗaya ne har a tsarinsu. Shi ya sa ƙa'idar ke ɗauke da sunansu su biyu. A kan agogo, abin da take faɗa shi ne 12 = 2 × 2 × 3, kuma babu wata hanyar tsinka 12 zuwa lambobi marasa rabuwa.

Agogo yana ɓoye wata wahala, domin a cikinsa ba ruwan sakamako da aikin da ya riga wani. A ɗauki alwatika mai ɓangarori uku daidai wa daida. Hanyoyin ɗaga ta a mayar da ita gurbinta 6 ne: juyi uku (digiri 0, 120 da 240) da kifewa uku, kowace a kan layin da ya ratsa kusurwa ɗaya. Juyin ukun ƙaramin rukuni ne, kuma dunƙule shi yana yiwuwa. Kifewa ɗaya tare da aikin da ba ya canza komai su ma ƙaramin rukuni ne mai mambobi 2, amma ba ya dunƙuluwa. Gwajin yana da sauƙi: a juya alwatikar digiri 120, a kife ta, a warware juyin. Abin da ya fito kifewa ce a kan wani layi dabam, wato an faɗa waje. Ƙaramin rukunin da ya jure wannan gwaji da kowane aiki na babban rukunin shi ake kira daidaitacce, kuma shi kaɗai ke zama matakin tsani. Saboda haka tsanin alwatika ɗaya ne tak: 6, 3, 1, da tubala 2 da 3.

A nan iyakar ƙa'idar take. Agogo mai awoyi 6 shi ma tubalansa 2 da 3 ne, amma ba rukuni ɗaya ba ne da na alwatika, tunda a agogon tara 1 sau shida yana ziyartar kowane mamba, a alwatika kuwa babu aikin da maimaita shi ke yin haka. Tubali ɗaya, gini biyu. Tubalan suna faɗin kayan da aka yi ginin da su, ba sa faɗin yadda aka ɗora wani kan wani, kuma gano dukkan hanyoyin ɗorawar matsala ce ta dabam, mai wuyar gaske.

Duk da haka abin da suke tonawa ba kaɗan ba ne. Hanyoyin jera abubuwa huɗu 24 ne. Rabinsu, 12, su ne waɗanda ake samu da musanya bibbiyu sau cika. Cikin 12 ɗin akwai 4: barin komai a wurinsa, da hanyoyi uku na raba abubuwan gida biyu a musanya na kowane gida. Daga nan sai 2, sai 1. Tubalan su ne 2, 3, 2, 2. Abin lura, matakin mai mambobi 2 daidaitacce ne a cikin na 4 kawai, ba ya cin gwajin a cikin na 12, kuma tsanin bai buƙaci hakan ba. Rukunin da duk tubalansa agogai ne masu lamba marar rabuwa ana ce masa mai warwaruwa. Sunan ya samo asali ne daga aikin Évariste Galois, wanda ya rasu a 1832 yana da shekara 20. Lissafin daidaito mai x⁴ yana da dabarar warwarewa ta gama-gari domin kowane tubali yana daidai da cire tushe guda: tushen murabba'i, tushe na uku, sannan tushen murabba'i sau biyu.

Da abubuwa biyar labari ya sha bamban. Jeri 120 ne, rabinsu 60, kuma daga 60 babu mataki sai 1. Ana iya tabbatar da haka da ƙidaya. Gwajin daidaituwa yana kasa mambobin 60 zuwa dangi biyar masu girman 1, 12, 12, 15 da 20. Daidaitaccen ƙaramin rukuni dole ya ɗauki dangi ɗungurungum, ya haɗa da na 1, kuma girmansa ya raba 60 ba saura. Jimlar da ake iya samu su ne irin 13, 16, 21, 25, 28 har zuwa 48, kuma babu wadda ke raba 60. Tubalan ke nan 2 da wani dunƙulen 60 wanda ba agogo ba ne, kuma babu tushen da ke daidai da shi. Wannan ne dalilin da x⁵ − x − 1 = 0 ba ya warwaruwa da tushe, kuma shi ke bayyana abin da Niels Henrik Abel ya tabbatar a 1824, cewa babu dabarar gama-gari ga mataki na biyar.

Rukunin 60 ɗin shi ne mafi ƙanƙanta cikin tubalan da ba agogai ba. Mai bi masa yana da mambobi 168. Walter Feit da John Thompson sun nuna a 1963 cewa duk rukunin da yawan mambobinsa mara ne mai warwaruwa ne. An kammala jerin dukkan tubalan a 2004, da aikin Michael Aschbacher da Stephen Smith: iyalai 18 marasa ƙarshe, da wasu 26 da ba su shiga kowane iyali ba, waɗanda mafi girmansu ke da mambobin da adadinsu ke cin gurbin lamba 54 in an rubuta shi.