Ramin da Ke Tsakiyar Lissafi

Ɗalibi ya ga ∫ 1/x² dx daga −1 zuwa 1, sai ya ɗauko −1/x, ya sa iyakokin biyu, ya sami −2. Amma 1/x² ba ta taɓa sauka ƙasa da sifili, to yaya filin da ke ƙarƙashinta zai gaza sifili?

Matsalar tana wurin x = 0, inda 1/x² ke haurawa sama ba iyaka. Ƙa'idar da ya bi tana bukatar layi marar yankewa. Dole a raba lissafin biyu a wurin sifili. Daga ƙaramin adadi t zuwa 1, amsar ita ce 1/t − 1, wadda ke ƙaruwa ba tsayawa yayin da t ke kusantar sifili. Filin ba shi da iyaka.