Ruwan Jariri a Bazara: Yadda Bidiyo Ke Gyara Fahimta Ba Tare da Kunyata Kaka Ba

A watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura maki 40 a Sakkwato da Maiduguri da Damagaram, da wuya a shiga gidan da ake jego a rasa ƙaramin cokali da kofin ruwa kusa da shimfiɗar jariri. Hujjar masu ba shi ruwan ba ta da sarƙaƙiya: babba ma maƙogwaronsa ya bushe, ina ga jinjiri ɗan wata biyu? Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa cewa ta yi a shayar da jariri nono zalla har ya cika wata shida, ko ɗigon ruwa kada a haɗa masa, sai dai magani ko ruwan gishiri da sukari idan ma'aikacin lafiya ya rubuta. Binciken lafiya na ƙasa da aka yi a Najeriya a 2018 ya nuna kashi 29 cikin 100 ne kawai na jarirai 'yan ƙasa da wata shida ke samun nono zalla, kuma ruwa na kan gaba cikin abin da ake haɗa musu da shi. Shi ya sa a 2019 hukumar UNICEF da Hukumar Lafiya ta Duniya suka ƙaddamar da gangami a Afirka ta Yamma da ta Tsakiya a kan wannan batu na ruwa.

Yanzu irin wannan saƙo ta waya ya fi yawo, a gajeren bidiyo mai jera abin da ake faɗa da abin da yake gaskiya. Yawancinsu tsarinsu ɗaya ne. A rubuta maganar mutane da manyan baƙaƙe, a buga mata jan kuros, sannan wani mai farar riga ya fito ya ce wannan camfi ne. Bayanin daidai ne, amma sau da yawa ba ya kai wa ga hannun da ke riƙe da cokalin.

Dalili shi ne, a gidan Bahaushe ba mai jego ce ke yanke hukunci a kan jariri ba, musamman a haihuwar fari. Ko dai ta tafi wankan jego gidan iyayenta, ko uwar miji ta tare a ɗakinta, ga kuma kunyar ɗan fari da ke hana ta yawan magana a kansa. Kaka ce ke yi masa wanka, ita ke gasa cibi, ita ke cewa ya ƙoshi ko bai ƙoshi ba. Idan bidiyo ya kira abin da ta yi wa 'ya'yanta takwas jahilci, to ya tuhume ta da cutar da su ke nan, alhali ga su nan sun girma sun yi aure. Ba za ta karɓa ba. Ita kuma mai jego ba ta da fuskar da za ta miƙa wa surukarta wayar ta ce ta kalla. Don haka ma'aunin farko na irin wannan bidiyo shi ne, yarinya za ta iya kunna shi a gaban uwar mijinta ba tare da ta sunkuyar da kai ba?

Akwai matsala ta biyu, wadda ta shafi yadda ƙwaƙwalwa ke riƙe magana. A wani bincike da Ian Skurnik da abokan aikinsa suka wallafa a 2005, an yi ta maimaita wa dattawa wasu maganganu ana gaya musu ba gaskiya ba ne. Bayan kwana uku, da yawansu sun manta gargaɗin, sun riƙe maganar, har suna ɗaukarta gaskiya saboda kunnensu ya saba da ita. Binciken da ya biyo baya ya nuna cewa gyara yana aiki, kuma ba kasafai yake ƙara kafe mutum a kan kuskure ba, amma an ɗauki darasin: kada kuskuren ya zama shi ne abin da ya fi ƙara a cikin saƙon. Jagorar da Stephan Lewandowsky da John Cook da wasu masana suka fitar a 2020 ta ba da jeri mai hawa huɗu. A fara da gaskiya, a ambaci kuskuren sau ɗaya tak, a bayyana inda ya kauce, a rufe da gaskiyar.

Ga yadda jerin zai kasance a bidiyo na minti ɗaya da rabi.

Daƙiƙa goma na farko na gaskiyar ne. Ana ganin uwa a inuwar tsakar gida tana shayarwa, murya kuma na cewa nonon uwa kusan kashi 88 cikin 100 ruwa ne, abinci ne kuma abin sha ne. Wannan farkon shi ne wanda kowa zai gani, har wanda zai wuce bai ƙarasa ba. Idan da "jariri na bukatar ruwa" aka buɗe, mai gaggawa da ita zai tafi. Haka kuma dole murya ta ɗauki saƙon gaba ɗaya, domin da yawa daga cikin waɗanda ake nufi ba sa karanta boko, kuros ɗin da aka buga a kan rubutu bai gaya musu kome ba.

Sai kaka ta shigo da cokali, a shigar mutunci, da fuskar mai tausayi. Ta ce, "Malama, dubi yadda leɓensa ya bushe. Wannan zafi, a ce ko ɗigon ruwa ba za a ba shi ba?" Nan ne kawai za a ji wannan magana a duk bidiyon, kuma daga bakin wadda mai kallo ke ganin girmanta. Amsar ma'aikaciyar lafiya ita ce ƙashin bayan aikin: "Gaskiyarki, Hajiya, yana jin ƙishirwa. Idonki bai yi kuskure ba. Sai dai ruwan nasa yana jikin uwarsa, a miƙa mata shi." Ba daɗin baki ba ne wannan. Abin da kaka ta gani daidai ne, jariri na jin ƙishirwa a bazara, maganin da ta zaɓa ne ke bukatar gyara. Mai shirya bidiyo da bai zauna ya ware ɓangaren da mutane suka yi daidai ba, zai ƙaryata su a kan abin da suke gani da idonsu, daga nan kuma ba za su yarda da sauran ba.

Hawa na uku, wato bayani, shi ya kamata ya ci rabin lokacin, kuma a nuna shi a gani. A tatsi nonon farkon kamu a ƙaramin kofin gilashi, a tatsi na ƙarshe a wani, a jera su gaban kyamara. Na farko tsararo ne, na ƙarshe ya fi kauri da maiƙo. Jaririn da ke jin ƙishirwa yakan yi ta neman nono akai-akai, ya ɗan tsotsa ya saki, ya sami ruwan da yake bukata. Gwaje-gwajen da aka yi a wurare masu zafi irin su Indiya da Peru da Jamaika sun nuna jariran da ke kan nono zalla ba sa rasa ruwa a jiki. Sannan a nuna illar cokalin a taƙaice: cikin jariri ƙarami ne, a ranar haihuwa bai fi ya ɗauki cokalin shayi ɗaya zuwa ɗaya da rabi ba a lokaci guda. Duk gurbin da ruwa ya cika, nono ya rasa shi. Idan tsotso ya ragu, nonon ma raguwa yake yi, domin tsotso ne ke kawo shi. Ga kuma gudawa, wadda ruwan randa ko cokalin da ƙuda ya sauka a kai kan jawo.

A nan ake son taka-tsantsan da hoto. Nuna jariri a kwance a gadon asibiti, kaka na kuka a gefe, yana jan ido, amma saƙon da ke ciki shi ne "ke kika jawo". Uwar da ta taɓa rasa ɗa da gudawa tana cikin masu kallo. Kofuna biyu na nono sun isa hujja, ba su ɗora wa kowa laifi ba.

Hawa na huɗu shi ne wanda aka fi mantawa. Idan aka karɓe cokali daga hannun kaka aka bar ta haka, ranar da jariri ya tsala kuka da tsakar rana za ta koma gare shi, don ba a ba ta wani abin yi ba. Saboda haka bidiyon ya ba ta aiki. Ta miƙa jariri ga uwarsa duk lokacin da ya nema, aƙalla sau takwas a yini da kwana. Kofin ruwan kuma ta ba mai jego, tare da kununta, domin mai shayarwa na yawan jin ƙishirwa. Sannan ta riƙa lura da fitsari: jaririn da ya wuce kwanakin farko, idan yana jiƙa tsumma sau shida ko fiye a yini da kwana, fitsarin kuma ba ja ba, to ruwa ya ishe shi. Yanzu kaka ta sami ma'aunin da za ta duba da kanta, ba sai ta dogara da maganar baƙuwa ba. Ya fi kyau ita ce za ta furta jimlar ƙarshe, tana gaya wa maƙwabciya, domin an ce da tsohuwar zuma ake magani, kuma tsohuwa ta fi sauraren 'yar'uwarta tsohuwa.

Sassauci ga mutane bai halatta sassauta gaskiya ba. Bidiyon da ya ce "ɗan kaɗan ba kome" don gudun ɓacin rai ya rushe kansa. Haka nan kada garin gyara wani kuskure a haifi sabo. Idan aka nuna kamar ruwan da uwa ta sha ne ke gangarawa kai tsaye cikin nono, za a fara ɗura wa mai jego ruwa fiye da kima, alhali shan da ya wuce ƙishirwarta ba ya ƙara nono. Dole kuma a faɗi iyaka a fili. Daga wata shida ana fara ba yaro ruwa mai tsabta da abinci, ana ci gaba da nono. Jaririn da maɗigarsa ta faɗa, ko fitsarinsa ya ɗauke, ko ya yi laushi ya kasa kama nono, asibiti za a kai shi nan take. Daƙiƙa goma sun isa wannan, kuma rashinsu na iya sa uwa ta zauna da marar lafiya a gida tana ganin umarni take bi.

Kafin a saki bidiyon, a gwada shi a wurin waɗanda aka yi dominsu, a ranar awo ko a gidan suna, iyaye mata daban, kakanni daban, don kowa ya saki baki. Tambayar "ya yi kyau?" ba ta da amfani, kowa zai ce ya yi. A tambaye su me matar nan ta ce a yi idan jariri na kuka da rana, kuma yaya suka ga an ɗauki tsohuwar. Bayan kwana uku a koma a sake tambaya. Idan abin da ya zauna musu shi ne "an ce jarirai na jin ƙishirwa" kawai, to an ba maganar kaka lokaci fiye da bayanin, sai a rage ta a tsawaita wurin kofuna biyu. Idan kuma kakanni suka ce an mayar da su marasa wayo, a sake duba fuskar ma'aikaciyar lafiya da sautin muryarta da kiɗan da aka ɗora lokacin da tsohuwar ke magana, a sake ɗaukar wannan fitowar kafin bidiyon ya shiga wayoyin mutane.