Saƙon Godiya Bayan Intabiyun Ƙarshe: Me Ake Rubutawa, Wa Ake Aika Wa?

A kamfanonin da ke ɗaukar masu rubuta manhajar kwamfuta, intabiyu ba zama ɗaya ba ne. Akan fara da hira da jami'in ɗaukar ma'aikata, sai gwajin rubuta manhaja, sannan zagayen ƙarshe inda injiniyoyi uku ko huɗu za su sa mutum a gaba, kowa da fannin da yake tambaya. Da an tashi daga wannan zama, matasanmu sukan rabu biyu. Wasu su yi gum, suna ganin aika saƙo roƙo ne. Wasu kuma su zuba doguwar wasiƙa mai cike da yabo da addu'o'i. Duka biyun ba su san abin da ke gudana a can ɓangaren ba.

Abin da ke gudana shi ne, kowane mai tambaya yana da fom da zai cike a manhajar ɗaukar ma'aikata, irin su Greenhouse ko Lever. Zai rubuta abin da ya tambaya, amsar da aka ba shi, da hukuncinsa: a ɗauka ko kada a ɗauka. Ana so ya cike shi tun abin yana sabo a ransa, galibi a ranar ko washegari, kafin ya ji ra'ayin sauran. Daga nan sai su zauna su tattauna. A Google ma wani kwamiti ne daban, wanda bai ga fuskar mai neman aikin ba, yake karanta rahotannin. Saboda haka kada wani ya ruɗe ka cewa imel na godiya zai mai da "a'a" ta koma "e". Amfaninsa yana wurin da ra'ayi ya rabu, ko inda mutum biyu suka yi kunnen doki. Kuma lokacinsa ƙanƙane ne: cikin awa 24. Wanda ya bari sai bayan kwana huɗu ya yi ihu bayan hari.

Bari mu ɗauki misali mu bi shi daki-daki. A ce wata matashiya a Kano ta yi zagayen ƙarshe ta Google Meet da wani kamfanin hada-hadar kuɗi da ke Legas. Mutum uku ne suka tambaye ta. Ɗayansu ya ce ta rubuta umarnin SQL da zai fito da abokan ciniki waɗanda ba su taɓa biyan kuɗi ba. Ta rubuta:

```sql
SELECT id FROM customers
WHERE id NOT IN (SELECT customer_id FROM payments);
```

Mai tambayar ya ce, "Idan akwai layin da babu lambar abokin ciniki a cikinsa fa?" Ta ɗan yi kame-kame, lokaci ya ƙare. Sai da ta rufe kwamfuta amsar ta faɗo mata. Idan ko da layi ɗaya ne a `payments` yake da `NULL` a gurbin `customer_id`, to `NOT IN` ba zai dawo da kowa ba. Dalili kuwa, a SQL kwatanta abu da `NULL` ba ya ba da "gaskiya" ko "ƙarya", sai dai "ba a sani ba", kuma `WHERE` ba ya barin layi ya wuce sai sharaɗinsa ya tabbata gaskiya. Mugun abin shi ne babu wani saƙon kuskure da zai fito; sakamakon ne kawai zai zo fayau, mutum ya ɗauka kowa ya biya. Gyaran shi ne:

```sql
SELECT c.id FROM customers c
WHERE NOT EXISTS (
  SELECT 1 FROM payments p WHERE p.customer_id = c.id
);
```

Wannan gyara shi ne zuciyar saƙonta. Injiniyoyi sun san kowa yana kuskure. Abin da suke son gani shi ne ko mutum yana komawa ya binciki aikinsa ba tare da an sa shi ba. Da Turanci za ta rubuta, tunda da shi aka yi hirar, amma ma'anarsa ba za ta wuce haka ba:

"Malama wance, barka da yamma. Na gode da shirya ganawar yau, kuma ina roƙon ki isar da godiyata ga Malam wane da abokan aikinsa biyu. Na ji daɗin bayanin da suka yi kan yadda suke hana a cire wa mutum kuɗi sau biyu idan intanet ta yanke ana tsakiyar biya. Game da tambayar abokan cinikin da ba su biya ba, na sake dubawa: amsata za ta dawo babu komai idan akwai `NULL` a `customer_id`, don haka `NOT EXISTS` ne ya dace. Har yanzu ina sha'awar aikin, kuma ina jiran ji daga gare ku ranar Alhamis kamar yadda kika faɗa."

Shi ke nan. Bai kai kalma 120 ba, ana karance shi a waya cikin rabin minti. A lura da jimlar da ta ambaci cire kuɗi sau biyu: ita ce shaidar cewa ta saurara, kuma ba saƙo ɗaya take rabawa kowane kamfani ba. A lura kuma kuskure ɗaya ta gyara. Da za ta jero guda huɗu, da ta rubuta wa masu tambayar dalilan ƙin ɗaukarta da hannunta. Ba ta kuma ce wuta ce ta ɗauke ko intanet ce ta ruɗa ta ba, ko da hakan ya faru. Uzuri ba ya ƙara maki.

Akwai sharaɗi a nan. Kada a aika gyara sai an gwada shi a kwamfuta an ga yana aiki, domin kuskuren baki cikin matsi ana yafe shi, amma wanda aka rubuta a natse bayan awa biyar ya zama hujja. Idan kuma gardama ce ta ra'ayi, misali wace ma'ajiyar bayanai ta fi dacewa, a bar ta. Imel ba wurin ci gaba da musu ba ne.

Sai batun wanda za a aika wa. Sau da yawa ba a ba mai neman aiki adireshin masu tambayar, da gangan. Hanyar da ta dace ita ce a amsa a kan imel ɗin gayyatar, ga jami'ar da ta shirya ganawar, a roƙe ta ta isar. Idan adiresoshinsu suna cikin gayyatar, ana iya sa su duka a saƙo ɗaya, ko a rubuta wa kowa nasa, amma fa kada a kwafa kalmomi iri ɗaya, don a ofis ɗaya suke. A kwafo sunayensu daga gayyatar harafi da harafi. Abin da ba a yi shi ne farauto lambar wayar mutum a bi shi ta WhatsApp da dare. Mu a wurinmu gaisuwa ce, shi kuwa zai ga an kutsa masa. A aikin gwamnati ma abin ya fi tsanani: tuntuɓar ɗan kwamiti a keɓe ana iya ɗaukarsa kamun ƙafa, don haka a tsaya ga hanyar da aka shimfiɗa a hukumance.

Tambayoyin da aka yi maka kuwa, wasu kamfanoni suna sa hannu da kai kan yarjejeniyar riƙe sirri kafin a fara. Ambaton tambaya a imel zuwa gare su ba laifi, amma yaɗa ta a LinkedIn da sunan godiya karya alkawari ne.

Yawancin irin waɗannan saƙonni ba a amsa su, kuma shirun ba ya nufin komai. Idan ranar da aka yi maka alkawari ta wuce da kwana biyu na aiki, ka rubuta wa jami'ar layi biyu kana tambayar inda aka kwana, sau ɗaya. Kafin nan kada ka soke wata intabiyu da ke gabanka, domin ba ka da aiki sai takardar ɗauka ta shigo hannunka.